Ina Sanda Take Daidaita Idan Wani Gefenta Ya Fi Nauyi?

A ranar 20 ga Yuli, 1984, a Balin ta Gabas, wani ɗan wasan jifan mashi mai suna Uwe Hohn ya yi jifar da ta kai mita 104.80. Ba a taɓa wuce mita 100 ba kafin wannan rana, kuma mashin ya doshi ƙarshen filin. Dama masu shirya gasa suna kuka da yadda mashi yake yawan sauka kwance, a rasa ko bakinsa ne ya fara taɓa ƙasa. Sai hukumar wasannin ta duniya ta canza ƙirar mashin maza daga shekarar 1986. Ba ta ƙara masa nauyi ba, yana nan a giram 800. Babban abin da ta yi shi ne ta matsar da tsakiyar nauyinsa gaba da santimita 4. Wannan ɗan matsi ya sa mashin ya riƙa sunkuyar da kai da wuri, ya soki ƙasa, nisan jifa kuma ya ragu.

Mashi doguwar sanda ce siririya, mai kauri a tsakiya, mai sirancewa wajen wutsiya, da bakin ƙarfe a gaba. Wanda zai ƙera shi yana bukatar ya san inda zai daidaita tun yana kan takarda, kafin a narka ko a yanka komai. Haka ma mai ƙera turken wuta da ke sirancewa wajen sama, da mai ɗaga dogon bututu da igiya guda. Hanyar da ake bi a gano wannan wuri tana cikin reshen lissafin da ake kira kalkulas, kayan aikinta kuwa shi ne intagiral. Sunan yana tsorata ɗalibai, amma abin da ke ƙarƙashinsa tarawa ne da sau da rabawa.

Sanda mai jiki ɗaya daga farko har ƙarshe ba ta da matsala. Ɗora tsakiyarta a kan yatsa, za ta tsaya. Tambayar tana tasowa ne idan jikin ya bambanta, wani gefe ya fi kauri ko an yi shi da abu mai nauyi. A nan mutane da yawa sukan ce wurin daidaito shi ne inda nauyin hagu ya yi daidai da na dama. Wannan amsa tana da daɗin ji, amma ba haka abin yake ba, kuma za mu ga da santimita nawa take kuskurewa.

Dokar mai garuwa

Mai garuwa da ke ɗauke da garwa biyu a sanda ya san abin da zai yi idan ɗaya cike take ɗayar kuma rabi. Yakan matsar da kafaɗarsa kusa da cikakkiyar, ya bar mai rabin ta yi nisa, sai kayan su zauna. Bai daidaita ruwan ba, nisa ya yi amfani da shi ya biya giɓin nauyi. Arkimidis, masanin lissafi na birnin Sirakus a tsibirin Sisili, ya rubuta wannan doka a ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa: abin da ke rinjayar da sanda shi ne nauyi sau nisansa daga wurin da aka tallafe ta. Kilo 20 a nisan rabin mita yana rinjaye daidai da kilo 10 a nisan mita guda, domin duka biyun suna ba da 10. Bari mu kira wannan sakamako ƙarfin rinjaye.

Daga nan ake samun hanyar gano tsakiyar nauyi idan abubuwa kaɗan ne aka jera a kan layi. A zaɓi wuri guda da za a riƙa awo daga gare shi, misali bakin hagu na sandar. A ɗauki kowane abu a yi nauyinsa sau nisansa daga wannan baki, a tara duka, sannan a raba da jimillar nauyin. Abin da ya fito shi ne nisan wurin daidaito daga bakin hagu. Matsakaicin nisa ne, sai dai ba a ba kowa murya ɗaya ba: mai nauyi ya fi jawo amsar zuwa wajensa.

Sanda kuwa ba abubuwa uku ko huɗu ba ce da za a ƙirga. Nauyinta a shimfiɗe yake, babu inda wani yanki ya ƙare wani ya fara. To wane nauyi za a yi sau wane nisa?

Sandar da za mu auna

Mu ɗauki falangen ƙarfe mai tsawon mita 2 da kaurin santimita 1 ko'ina. Faɗinsa ne yake canzawa: kusan santimita 1.3 a bakin hagu, yana buɗewa sannu a hankali a miƙe har ya ninka sau biyar a bakin dama. Ƙarfe irin wannan yana auna kusan kilo 7,850 a kowace mita mai fuska shida, wato mita a tsawo da faɗi da zurfi. Saboda haka da a ce sandar ta tafi da siririn bakin nan har tsawon mita guda, da kilo 1 za ta auna. Da kuma ta tafi da faffaɗan bakin, da kilo 5 ne.

Wannan adadi shi ne jigon lissafin, mu kira shi nauyin-mita. Ba nauyin wani yanki ba ne. Yana faɗin yadda ƙarfen ya cika a daidai wani wuri: da mita guda za ta kasance kamar nan, kilo nawa za ta auna? Masana suna rubuta shi da harafin Girkanci λ, ana karanta shi lamda. Idan x shi ne nisa daga bakin hagu a mita, ga dokar sandarmu:

λ(x) = 1 + 2x

A bakin hagu x sifili ne, sai a sami 1. A tsakiyar tsawon, inda x yake 1, a sami 3. A bakin dama a sami 5.

Kafin a taɓa intagiral, yana da kyau a yi aikin da hannu. Mu yanka sandar a zuci gida biyu, mu ɗauka kowane gida jikinsa ɗaya ne, kuma nauyinsa duka yana zaune a tsakiyarsa. Tsakiyar gidan farko tana mita 0.5, inda nauyin-mita yake 2, don haka gidan kilo 2 ne. Tsakiyar na biyu tana mita 1.5, nauyinsa kilo 4. Ƙarfin rinjaye ya zama 2 sau 0.5, wato 1, a haɗa da 4 sau 1.5, wato 6. Jimilla 7. A raba da kilo 6, a sami mita 1.167.

Wannan ƙiyasi ne, domin a cikin kowane gida ma dama ta fi hagu nauyi, mu kuwa mun yi kamar ba haka ba. Sai a ƙara yanka. Gida huɗu masu rabin mita suna auna kilo 0.75 da 1.25 da 1.75 da 2.25, tsakiyarsu kuma tana mita 0.25 da 0.75 da 1.25 da 1.75. Idan aka yi sau aka tara, ƙarfin rinjaye ya kai 7.25, amsar ta koma mita 1.208. Da gida takwas, amsar 1.219 ce. Duba yadda adadin yake tafiya: 1.167, sai 1.208, sai 1.219. Yana hawa, amma kowane taki ya fi na baya gajarta. A fili yake akwai inda ya dosa, wanda ba zai wuce ba. Intagiral shi ne sunan wannan wurin da tarawar take dosa idan yankan ya yi ta ƙanƙancewa ba iyaka.

Alamarsa ∫ ce. Leibniz, masanin nan Bajamushe, ya fara amfani da ita a 1675, kuma harafin S ne aka miƙar, farkon kalmar jimilla a Latin. Ana rubuta ɗan mitsitsin tsawon kowane yanki da dx. Nauyin wannan yanki shi ne λ(x) sau dx, ƙarfin rinjayensa kuma x sau λ(x) sau dx. Saboda haka:

M = ∫ λ(x) dx

x̄ = ∫ x λ(x) dx ÷ M

M shi ne nauyin sandar gaba ɗaya, x̄ kuma nisan tsakiyar nauyi, ana yin tarawar daga bakin hagu zuwa na dama. Babu wani sabon tunani a nan da ya wuce na Arkimidis. Nauyi sau nisa, a tara, a raba da jimillar nauyi.

Yadda ake tara abin da ba ya ƙirguwa

Amfanin kalkulas shi ne ba sai an yi yankan ba. Akwai ƙa'idoji da ke ba da ƙarshen tarawar kai tsaye, kuma uku kawai muke bukata. Idan tsawon sandar L ne, tara 1 daga sifili zuwa L yana ba da L. Tara x yana ba da L² ÷ 2. Tara x² yana ba da L³ ÷ 3. Ba haddar banza ba ce. Ta biyun faɗin fili ne na alwatika mai gindi L da tsayi L, wanda kowane ɗan firamare ya san rabin gindi sau tsayi ne. Ta ukun kuma ita ce cikin dala mai gindi murabba'i, L a kowane gefe da L a tsayi, wanda yake sulusin cikin akwatin da zai rufe ta.

Nauyin sandarmu tukuna. Muna tara 1 + 2x daga 0 zuwa 2. Tara 1 ya ba da 2. Tara x ya ba da 4 ÷ 2, wato 2, a ninka shi biyu ya zama 4. Jimilla kilo 6, daidai da abin da yankan hannu ya ba mu.

Sai ƙarfin rinjaye. A yi x sau 1 + 2x, a sami x + 2x². Tara x ya ba da 2. Tara x² ya ba da 8 ÷ 3, a ninka biyu ya zama 16 ÷ 3. Idan aka haɗa, 22 ÷ 3 ke nan, kusan 7.33. A raba da 6:

x̄ = 22 ÷ 18 = 11 ÷ 9 ≈ 1.222

Sandar za ta daidaita a mita 1.222 daga siririn baki, wato kusan santimita 22 gaba da tsakiyar tsawonta. Can ne ƙiyasinmu na hannu yake ta dosa.

Ni a ganina abin da ya fi ba da mamaki a nan shi ne ƙanƙantar matsin. Gefe guda ya ninka ɗayan sau biyar a cika, amma wurin daidaito bai matsa ko rubu'in mita ba. Ko da siririn bakin ya sirance har ya zama tsini, ta yadda λ ya fara daga sifili yana hawa a miƙe, tsakiyar nauyi ba za ta wuce kashi biyu bisa uku na tsawon ba, wato mita 1.333 a sanda mai mita 2. Wannan iyaka tana da amfani wajen binciken amsa: duk wanda nauyin-mitarsa yake hawa a miƙe, ya kuma sami amsar da ta zarce biyu bisa uku, ya koma ya duba aikinsa.

Idan aka yanka ta a nan fa?

Yanzu mu koma ga amsar nan mai daɗin ji. A ɗauko zarto a yanka sandar a daidai mita 1.222, a ɗora kowane yanki a kan sikeli. Nauyin da ke tsakanin bakin hagu da kowane nisa x shi ne x + x², bisa ƙa'idojin da muka yi amfani da su. A sa 1.222, a sami kusan kilo 2.72. Yankin dama kuwa kilo 3.28 ne. Sun bambanta da fiye da rabin kilo, alhali kafin yankan sandar tana zaune daram a wannan wuri.

Dalilin yana cikin nisa. Yankin hagu ya fi sauƙi amma dogo ne, nauyinsa ya miƙe can nesa da yatsa. Yankin dama ya fi nauyi amma gajere ne, nauyinsa a dunƙule kusa. Abin da ya zama ɗaya a gefen biyu shi ne ƙarfin rinjaye, ba kilo ba. Wurin da ke raba nauyin gida biyu daidai yana nan, amma wani wuri ne daban. Ana samunsa da neman x ɗin da zai sa x + x² ya zama 3, kuma amsar kusan mita 1.303 ce. Tsakaninsa da tsakiyar nauyi akwai santimita 8. Wanda ya ɗaura igiya a can zai ga siririn gefen ya sunkuya.

Wuraren da ake zamewa

Kuskuren da malamai suka fi gani a takardar jarrabawa shi ne mantawa da rabawar ƙarshe. Ɗalibi ya sami 7.33 ya ja layi a ƙarƙashi. Hanyar kamawa biyu ce. Sanda mai mita 2 ba za ta daidaita a mita 7 ba, tunda tsakiyar nauyin miƙaƙƙiyar sanda dole tana cikin jikinta. Sannan ma'aunin kansa yana tona asiri: 7.33 kilo ne sau mita, sai an raba da kilo kafin mita ta rage ita kaɗai.

Akwai kuma rikita bakin da aka fara awo. Ba laifi a fara daga faffaɗan baki, amma dokar nauyin-mita dole ta juya ta zama 5 − 2x. Da ita nauyin yana nan kilo 6, ƙarfin rinjaye ya koma 14 ÷ 3, amsar kuma mita 0.778. A haɗa 0.778 da 1.222 a sami 2 cif. Wuri ɗaya ne aka auno daga gefe biyu, kuma yin lissafin ta fuska biyun nan hanya ce mai kyau ta tabbatar da shi.

Wanda ya fi waɗannan ɓoyuwa, kuma ya fi tsada a wajen aiki, shi ne kuskure a rubuta λ tun farko. Falangenmu faɗinsa kaɗai yake canzawa, shi ya sa nauyin-mita ya hau a miƙe. Sanda mai zagaye wadda ba ta da rami a ciki ba haka take ba. Idan kaurinta ya ninka biyu, bakin yankanta ya ninka huɗu, domin yana buɗewa ta kowace fuska. A ɗauki turken katako mai mita 6 wanda gindinsa ya ninka kansa biyu a kauri. Wanda ya ɗauka nauyin-mita ma biyu ya ninka zai sami tsakiyar nauyi a biyar bisa tara na tsawon, mita 3.33 daga kai. Lissafin da ya yi la'akari da ninkin huɗu yana ba da 17 bisa 28 na tsawon, mita 3.64. Bambancin ya kai santimita 31, kuma intagiral ɗin mutumin farko bai yi kuskure ko ɗaya ba. Abin da aka ba shi ya tara. Idan kuwa turken ya sirance har tsini, tsakiyar nauyinsa tana uku bisa huɗu na tsawon daga tsinin, ba biyu bisa uku ba.

Gwaji ba da biro ba

Ana iya tabbatar da amsar da sikeli ɗaya. A ɗora faffaɗan bakin sandar a kan sikelin, a tallafe siririn bakin da wani abu mai tsayi ɗaya, ta yadda sandar za ta kwanta sosai. Sikelin zai nuna nauyin sandar sau x̄ a raba da tsawonta: 6 sau 1.222 a raba da 2, kusan kilo 3.67. Ragowar kilo 2.33 yana kan ɗaya gefen. Ana iya bin hanyar ta baya ma, a karanta sikeli a fitar da tsakiyar nauyin abin da ba a san dokarsa ba. Da irin wannan awo ake gano tsakiyar nauyin mota da jirgin sama, ta hanyar duba abin da kowace taya take ɗauke da shi. Shi ne kuma bayanin abin da ya sa idan mutum biyu suka ɗauki turke, na gindi yake fara neman a sauke.

Ga sanda mara nauyi akwai gwajin da ya fi wannan sauƙi. A miƙa yatsa guda daga kowane hannu, a kwantar da sandar a kansu can nesa da juna, sannan a riƙa matso da hannuwan a hankali. Za a ga yatsa ɗaya ya zame ya tsaya, ɗayan ya karɓa, har su haɗu a ƙarƙashin tsakiyar nauyi. Yatsan da ya fi kusa da wurin yana ɗauke da kaso mafi yawa, saboda haka ya fi kama sandar, na nesa ne yake zamewa har sai ya zama shi ne na kusa.

Duk wannan lissafi ya dogara da cewa sandar siririya ce kuma miƙaƙƙiya, ta yadda nisa ɗaya, x, ya isa ya faɗi inda kowane yanki yake. Idan aka lanƙwasa ta kamar baka, sai an yi tarawar ta fuska biyu, tsawo da faɗi, kuma tsakiyar nauyin takan faɗa cikin iska, inda babu ƙarfe ko kaɗan. Ya kuma dogara da cewa jan da ƙasa take yi ɗaya ne a duk tsawon sandar, wanda gaskiya ne ga duk abin da mutum zai iya ɗauka ko ginawa a unguwa.

Ba kuma dole ne doka ɗaya ta riƙe sandar daga farko har ƙarshe ba. Idan an haɗa katako da ƙarfe, nauyin-mita yana tsalle a wurin haɗin, sai a raba aikin: kowane sashe da intagiral ɗinsa, a tara nauyin duka, a tara ƙarfin rinjayen duka, a yi rabawa sau ɗaya a ƙarshe. Ƙaramin abu mai nauyi da aka maƙala a wuri guda ba ya ma bukatar intagiral. A liƙa dunƙulen ƙarfe mai kilo 2 a siririn bakin sandarmu, inda x yake sifili. Ƙarfin rinjaye bai canza ba, yana nan 22 ÷ 3, tunda 2 sau sifili sifili ne. Nauyin ne ya tashi zuwa kilo 8, tsakiyar nauyi kuma ta dawo mita 0.917, ta tsallaka tsakiyar tsawon zuwa gefen siririn baki.